Wata huɗu da makullan tsaro a biro mai salula uku

Mu tara ne a kamfaninmu na dillancin albasa a Tawa, amma salular aiki uku ce: ɗaya a biro, ɗaya a magaza, ɗaya kuma tana bin motar da ke zuwa Galmi. Da Alhaji ya ce a ƙara mataki na biyu na tsaro bayan kalmar sirri wajen shiga imel da faifan lissafi, ni aka ɗora wa, don ni ke riƙe da ordinatar. Daga ƙarshe makullan tsaro na FIDO2 muka saya, waɗanda ake sokawa a ramin USB a taɓa da yatsa. Na gamsu da su, sai dai ba a kansu na fara ba.

Na fara da manhajar lambobi, irin mai fitar da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Kyauta ce, kuma ba ta buƙatar rezo, abin da ya burge ni saboda hanyar ƙauye. Mako biyu muka yi na gane kuskurena. A salular magaza asusun mutum huɗu ne jere a allo guda, duk wanda ya ɗauke ta yana ganin lambar kowa. Su kuwa yaran sun san kalmar sirrin juna tun tuni. Ashe ƙofa biyu na yi, na rataye makullinsu a ƙusa ɗaya. Saƙon SMS ma haka yake, layin na salula ne, ba na mutum ba, in mota ta tafi da shi sai a jira ta dawo.

Akwai kuma ranar da salular mota ta ƙi ba da lamba mai shiga, alhali agogonta na nuna daidai. Wani ne ya gyara lokacin da hannu, ya bar yankin lokaci a GMT, Nijar kuwa tana gaban GMT da awa ɗaya. Lambobin daga ainihin lokaci ake lissafa su, don haka duk sun kauce. Da na mayar da agogon ya riƙa saita kansa, nan take ta warke. In lambobin kowa a salula ɗaya suka ƙi tare, a duba agogo kafin a zargi kowa.

Kafin sayen makullan na zauna da takarda na rubuta wa ke shiga me, daga wace na'ura. Sai ga shi mutum biyar ne kawai ke buƙatar asusu, sauran huɗun kira da ɗaukar hoton rasit suke yi. Na sayi bakwai: ɗaya ga kowane, da biyu na ajiya da na yi wa asusun Alhaji da nawa rajista da su, don mu ne masu ikon buɗe wa sauran. Na ajiyar suna cikin akwatin kuɗi tare da lambobin gaggawa da muka buga a takarda, kowace lamba sau ɗaya take aiki. Ban tilasta tsarin rana ɗaya ba. Ni na fara, bayan mako guda ƴan biro, sannan magaza.

Abin da na fi so shi ne makullin na bin mai shi a zoben makullin babur, salula kuwa ta tafi inda za ta. Ba batir, ba agogo. Kuma ba ya amsa wa shafin bogi, domin rajistarsa a ɗaure take da adireshin shafin gaskiya.

Inda suka ba ni wahala biyu ne. Na farko laifina ne: masu babban kai na ordinatar na saya, salulolinmu kuwa USB-C ne, kuma ɗaya ce kaɗai ke da NFC, wato fasahar da ake kara makulli a bayan salula ba sai an soka ba. Sai da na nemo ƴan mahaɗa daga Yamai, ɗaya ma har ya ɓata. Na biyu shi ne PIN. Mai gadin magaza ya manta nasa ya yi ta gwadawa, bayan kuskure takwas makullin ya rufe. Maganinsa kawai a goge shi, gogewar kuma tana share duk rajistar da ke ciki. Ya zo yana cewa, "Malam, abin nan ya mutu." Na ce, "Baba, bai mutu ba, fushi ya yi." Na cire tsohuwar rajistar daga asusunsa, muka sake sabuwa cikin minti goma.

Abu ɗaya makullin bai gyara ba: in mutum ya shiga a salular haɗaka bai fita ba, na bayansa zai tarar da asusun a buɗe. Yanzu a waɗannan salulolin ta shafin sirri na burawza ake shiga, ba a latsa zaɓin amincewa da na'ura, a rufe shafin kafin a miƙa. Har yau kowace Juma'a ina duba jerin na'urorin da ke cikin kowane asusu, kuma makon jiya ma na fitar da guda biyu.