Rubuta sakamakon Mann-Whitney: makin tsakiya ko wanda ya fi rinjaye?

"Salamu alaikum. Na kwatanta gamsuwar majinyata rukuni biyu, an auna ta da maki 1 zuwa 5. Gwajin Mann-Whitney ya nuna akwai bambanci, amma makin tsakiya na kowane rukuni 3 ne. Yaya zan rubuta wannan?"

Wa'alaikis salam, Malama. Lissafinki ba shi da matsala. Hanya biyu ake bi wajen rubuta wannan sakamako, kuma wadda ta fi yawa a rubuce-rubucen ɗalibai ita ce ba ta dace da aikinki ba.

A ɗauka kowane rukuni mutum 20 ne. A rukunin A babu wanda ya ba da maki 1, mutum 1 ya ba da 2, mutum 10 sun ba da 3, mutum 5 sun ba da 4, mutum 4 sun ba da 5. A rukunin B kuwa mutum 4 sun ba da 1, mutum 5 sun ba da 2, mutum 10 sun ba da 3, mutum 1 ya ba da 4, babu mai 5.

Hanya ta farko takan ce: "Makin tsakiya na A ya bambanta da na B, p < 0.001." Mai karatu ya duba jadawali ya ga 3 da 3, sai ya daina yarda da sauran aikin, kuma yana da gaskiya. Ana iya ɗaukar wannan gwaji a matsayin na makin tsakiya ne kawai idan yadda maki suka bazu a rukunan biyu siffa ɗaya ce, ɗaya ya ɗan gota ɗaya. Ma'auni mai hawa biyar da wuya ya cika wannan sharaɗi, domin rabin mutane na iya taruwa a hawa guda.

Hanya ta biyu tana faɗin abin da gwajin ya ƙirga ne. Haɗa kowane mutum na A da kowane mutum na B, za ki sami haɗi 400. A 269 daga ciki ɗan A ne ke sama, a 21 ɗan B ne, a 110 an yi kunnen doki. Kowane kunnen doki rabi ake ba shi, wato 55, sai a tara da 269 a sami U = 324. Raba 324 da 400, ki sami 0.81. Ma'anarsa, idan aka zaɓo mutum ɗaya daga kowane rukuni a kan sa'a, damar ɗan A ya fi gamsuwa ita ce 0.81, bayan an raba kunnen doki biyu. Da babu wani bambanci, 0.50 za a gani. Wannan adadi na fi so a sa a gaba, domin ko likitan da bai karanci ƙididdiga ba zai gane shi nan take.

Ga yadda zan rubuta: "Majinyatan A sun fi na B ba da maki mai sama (mutum 20 kowane rukuni, matsakaicin matsayi 26.7 da 14.3; U = 324, z = 3.60, p < 0.001, gefe biyu. Damar rinjaye 0.81), duk da cewa makin tsakiya 3 ne a rukunan biyu." A sa jadawalin da ke nuna adadin mutane a kowane maki kusa da wannan jimla. Shi zai nuna cewa mutum 9 na A sun wuce 3, na B kuwa mutum 1 ne kacal.

Ki kula da manhajar da kika yi aiki da ita, don ba su bin tsari ɗaya. A R, `wilcox.test(a, b)` yana kiran adadin `W`, amma U ne na rukunin farko, wato 324. Tsohon tsarin SPSS yana ba da ƙaramin U, wato 76, tare da wani `Wilcoxon W` wanda jimillar matsayi ce, 286. Yadda za ki tantance abu ne mai sauƙi: U biyun idan an tara dole su ba da 400. Wanda ya raba 76 da 400 ya jingina 0.19 ga rukunin A ya juya sakamakon baibai. Idan kuma SPSS ta nuna `.000`, p < 0.001 ake rubutawa.

A sashen hanyar bincike, faɗi cewa an yi gyara saboda maki masu kunnen doki. A misalin nan, ba tare da gyaran ba z zai sauka zuwa 3.35. Kuma ki tabbatar babu majinyacin da ya shiga rukunan biyu ko aka auna shi sau biyu, domin idan mutanen nan ne dai aka auna kafin magani da bayansa, gwajin Wilcoxon na ma'auni biyu-biyu ake bukata.