Takardar tantance magungunan gida ranar da aka kwantar da Inna a Jidda

A cikin duk takardun da aka cike ranar da aka kwantar da Inna a wani asibiti a nan Jidda, wadda ta fi yi mana amfani ita ce ta tantance magungunan da take sha a gida. Shafi ɗaya ce. Kowane magani da layinsa: sunansa, ƙarfinsa, sau nawa ake sha a rana, yaushe aka sha na ƙarshe, sai hukuncin likita, ko a ci gaba, ko a dakatar, ko a canza, ko a daina. Gurbin ƙarshe na dalili ne.

Amai da gudawa suka kai mu, ruwan jikinta ya ƙone. Mai harhaɗa magunguna da ta zo cike takardar ba ta tsaya ga abin da kwamfuta ta nuna ba. Manhajar Wasfaty, wadda likitoci ke rubuta magani ta cikinta a Saudiyya, tana nuna abin da likita ya rubuta ne, ba abin da mutum ke haɗiya a ɗakinsa ba. Sai ta ce in zazzage jakar maganin Inna gaba ɗaya a kan tebur.

A nan aka ga matsalar. Akwai maganin sukarinta, Glucophage miligiram 1000, safe da dare, wanda likitanta ya rubuta. Sannan ga wani kwali na metfomin miligiram 500 da ban san shi ba. Na ce, "Inna, wannan kuma daga ina?" Ta ce, "Goggonki ce ta aiko mini daga Kano, ta ce yana sauke sukari." Shi ma safe da dare take shansa. Magani ɗaya ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta su, don haka miligiram 3000 take sha a rana maimakon 2000. Ga kuma Brufen da take saya a kantin magani saboda ciwon gwiwa, wanda ba ta ma ƙirga shi cikin magunguna.

Gwajin jini ya nuna ma'aunin tacewar ƙodarta, eGFR, ya sauka zuwa 26. A layin metfomin aka rubuta a dakatar, dalili kuwa ba a shan sa idan ma'aunin ya gaza 30, domin yana taruwa a jiki har ya sa jini ya yi tsami mai haɗari. Aka maye gurbinsa da allurar insulin na ɗan lokaci. Lisinofiril miligiram 10 na hawan jini shi ma a dakatar, saboda yana ƙara wa ƙoda nauyi idan jiki ya bushe, kuma yana ɗaga sinadarin fotasiyam. Brufen a daina kwata-kwata. Amlodifin miligiram 5 kaɗai aka ce a ci gaba.

Gurbin dalilin nan shi ya fi shiga raina. Duk wanda ya taɓa jinya ya san yadda ma'aikata ke canjawa, na dare daban, na safe daban. Da nas ɗin safe ta ga jinin Inna ya ɗan hau, ba ta tambaye ni ko an manta da lisinofiril ba ne. Ta karanta ta ga da gangan aka riƙe shi. Ni ma da Inna ta fara ƙorafin an hana ta maganin sukarinta, ina da amsar da zan ba ta.

Sai dai takardar tana da giɓi. Da Turanci take, cike da gajerun rubutu irin su BID, wato sau biyu a rana, alhali iyayenmu da yawa a nan Hausa da Larabci suke ji. Babu wurin da aka ware wa maganin gargajiya, ga shi Inna tana shan hulba da habbatus sauda kullum. Sai da na ambata aka rubuta a gefe. Wanda ya fi damuna shi ne "a dakatar" ba tare da an faɗi zuwa yaushe ba. Maganin da aka dakatar babu sharaɗin komawa, ko dai mara lafiya ya koma masa da wuri da zarar ya isa gida, ko ya bar shi har abada.

Ranar sallama na roƙi likita ya rubuta sharaɗin a gaban kowane layi, kuma ya rubuta: kada a koma wa metfomin da lisinofiril sai an sake gwajin ƙoda da fotasiyam. Na karɓi kwafi, na kai wa likitanta na cibiyar lafiya ta unguwa. Da gwajin ya nuna 52, ya mayar da lisinofiril, ya fara metfomin daga miligiram 500 sau biyu a rana, kwali ɗaya tak.