Less ko fewer, much ko many: wace doka ce mai tsauri, wace ce mai sassauci?

"Jama'a don Allah ku raba mana gardama. A rahoton da na kai wa shugaban makarantarmu na rubuta *We have less pupils this term*, sai ya ja layi ya sa *fewer*. A ƙasa kuma na rubuta *less than 40 minutes* bai taɓa ba, alhali mintuna ma ana ƙirga su. Dokar ɗaya ce da ta *much* da *many*?"

Malama, shugaban naku ya yi daidai a wuraren biyu. Tushen dokar ɗaya ne, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne, kuma a nan ake yawan rikicewa.

Mu a Hausa ba mu da wannan rarrabewar. Muna cewa mutane da yawa, ruwa da yawa, yara kaɗan, gishiri kaɗan, kuma "nawa" ɗaya muke tambayar kuɗi da awaki da ita. Bature kuwa ya raba sunaye gida biyu: masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa. *Many* da *fewer* na gidan masu ƙirguwa ne, *much* da *less* na ɗaya gidan. Ga su kusa da juna:

*How many buckets?* / *How much water?*
*fewer buckets* / *less water*

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba abin da ke gabanki za ki duba ba, sunan da Turanci ya ba shi za ki duba. Ɗauki shinkafa da wake. A tukunya ɗaya suke, da mudu ɗaya ake auna su, ba wanda ke zama ƙirga ƙwayar wake. Duk da haka *rice* ba ta da jam'i, *beans* kuwa jam'i ne, don haka sai a ce *too much rice* amma *too many beans*. Kuɗi ma haka ne: kullum ƙirga su muke yi, amma ba a cewa *two moneys* a maganar yau da kullum, saboda haka *much money* ne, *less money* ne. Gwajin mai sauƙi ne. Ki sa *two* a gaban sunan, idan ya zauna lafiya to mai ƙirguwa ne.

Sunayen da suka fi kayar da ɗalibanmu a WAEC da JAMB su ne *furniture, luggage, equipment, information, advice, news*. Duk marasa ƙirguwa ne, har da *news* ɗin da ke ƙarewa da s. Akasinsu kuma *people* da *cattle*, jam'i ne ko da babu s. Shi ya sa jimlar nan da muke yawan ji a wajen biki, *The people are too much*, ba ta karɓuwa a rubutu. Abin da ake nufi shi ne *There are too many people*.

Yanzu bambancin ƙarfi. Dokar *much* da *many* ba ta da ƙofar baya. Ba za ki ji Baturen da aka haifa cikin harshen ya ce *much pupils* ko *many water* ba, ko da bai taɓa shiga aji ba, domin kunnensa ne ke ƙi. Amma *less pupils* da kika rubuta, Turawan kansu suna faɗin irinta kullum a hira. Malaman tarihin harshen sun nuna cewa tun zamanin Sarki Alfred na Ingila, wajen shekara ta 888, ana haɗa *less* da abu mai ƙirguwa. Dokar da muke koyarwa yanzu ana danganta ta ne ga wani marubuci Robert Baker, wanda a 1770 ya ce a ganinsa *fewer* ta fi dacewa da adadi. Ra'ayi ya bayar, masu littattafan nahawu na baya suka mayar da shi ƙa'ida. Gardamar ba ta mutu ba har yau: a 2008 kantin Tesco na Birtaniya ya fara sauya allunan da ke cewa *10 items or less* zuwa *Up to 10 items* saboda ƙorafin masu kishin nahawu.

Ban kawo wannan tarihi don ki je ki ƙalubalanci shugaba ba. Rahoton makaranta, takardar neman aiki da amsar jarrabawa duk rubutu ne na hukuma, kuma a can *fewer pupils* ake jira. Na kawo shi ne don ki san nauyin kowane kuskure: *less pupils* rashin bin ƙa'idar rubutu ne, *much pupils* kuwa karya harshen ne gaba ɗaya.

Sai maganar mintunanki 40, wadda ita ce ta fi daɗin bayani. Idan aka ce darasi bai kai minti 40 ba, ba wai an jera mintuna ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa ba ne, tsawon lokaci guda ake aunawa. Lokaci, kuɗi, nisa da nauyi, duk idan suka zo da lamba a matsayin awo, *less than* suke ɗauka:

*less than 40 minutes*
*less than 5,000 naira*
*less than 10 kilometres*

amma *fewer than 40 pupils*, domin kowane ɗalibi kansa daban. In kina shakka, ki duba aikatau. Ana cewa *Forty minutes is enough*, da *is* na tilo, wato an dunƙule mintunan sun zama abu guda. Amma dole a ce *Forty pupils are absent*. Duk inda *is* ta zauna haka, *less* ma za ta zauna.

Mu gwada da irin rahoton naki. A ce kina son sanar da cewa ɗalibai sun ragu, alli ya ragu, kujeru ba su da yawa, kuma kowane darasi bai kai minti 40 ba. Ɗalibai na ƙirguwa: *fewer pupils*. Alli a Turanci ba ya ƙirguwa sai an ce *pieces of chalk*, don haka *less chalk*. Kujeru kuwa ya danganta da sunan da kika zaɓa: *We don't have many chairs*, ko *We don't have much furniture*. Kujerun nan dai su ne ba su canza ba, sunan ne ya canza, kalmar yawa ta bi shi. Na ƙarshe kuma *Each lesson lasts less than 40 minutes*.

Ki lura na sa *much* a jimlar korewa, kuma da gangan ne. *Much* ta fi sakewa a tambaya da korewa, ko bayan *too* da *so*. Idan kika rubuta *We have much furniture* nahawu bai karye ba, amma jimlar ta yi tauri, ba haka ake magana ba. A jimlar tabbatarwa *a lot of* ake amfani da ita, kuma tana shiga gida biyun: *a lot of chairs, a lot of furniture*. *Many* ba ta da wannan matsalar sosai, musamman a rubutu, *Many parents came* daidai take.

Akwai kuma sunayen da ke zama a gida biyu, ma'ana ce ke tantancewa. *How much time?* tambayar tsawon lokaci ce, *How many times?* kuwa sau nawa ake nufi. *Less paper* takardar rubutu ce ta ragu, *fewer papers* kuma yawan takardun jarrabawa ko jaridu ne. A nan gwajin *two* kaɗai ba zai isa ba, sai kin fara tantance wace ma'ana kike nufi kafin ki zaɓi kalmar.