Manhajoji biyu masu aiki ɗaya: wacce za ka zaɓa wa mai raunin gani?

A ce manhajoji biyu ne a gabanka, duka na tura kuɗi, kana son ka zaɓi ɗaya wa wanda idonsa ya yi rauni. Hotunan tallarsu ba za su taimake ka ba, domin da ƙaramin rubutu ake ɗaukarsu. Sauke su duka, ka gwada su a shafin da ake tabbatar da tura kuɗi, inda kuskure yake da tsada.

Fara da girman rubutu. A iPhone shiga Settings, sai Accessibility, sai Display & Text Size, ka kunna Larger Text ka ja shi har ƙarshe. A Android nemi Font size. Daga Android 14 ana iya ninka rubutu har kashi 200 cikin ɗari. Sai ka koma cikin manhajojin. Mu ce ta farko rubutunta ya girma, layuka suka sauka ƙasa, shafin ya yi tsawo amma ana iya jan sa. Ta biyu kuwa ko gezau. Dalili shi ne masu gina ta sun ƙayyade girman rubutu da ma'aunin da ba ya bin saitin waya, wato dp maimakon sp a Android. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan muni: rubutu ya girma amma akwatinsa bai girma ba, sai lambar ƙarshe ta kuɗin ta yanke, ko madannin tabbatarwa ya faɗa ƙasan allo inda yatsa ba ya kaiwa. Idan ka ga haka, ajiye manhajar kawai.

Launi kuma ba a auna shi da idon mai lafiya. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafuka za su yi sauƙin amfani ga masu nakasa, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5:1 ga rubutu na yau da kullum, 3:1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari 21:1 ne. A misalinmu, manhaja ta farko ta rubuta sunan mai karɓar kuɗi da ruwan toka mai haske, #999999 a kan fari, wanda bai wuce kusan 2.8:1 ba. Ya faɗi. Da sun duhunta shi zuwa #767676, da ya tsallake da kyar. Masu zane suna son wannan tokar don tana sa shafi ya yi kyau, amma a cikin rana mai ido garau ma sai ya ƙanƙance ido. A Android, manhajar Accessibility Scanner ta Google za ta nuna maka waɗannan alƙaluma. Ta biyun a nan ta yi nasara, rubutunta baƙi ne wuluk.

Kunnen doki ke nan, ko? A'a, saura gwaji na uku, wanda ya fi nauyi. Kunna mai karanta allo da murya, wato TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone. Goga yatsa zuwa dama yana kai ka abu na gaba, taɓawa sau biyu yana danna shi. Rufe ido ka yi ƙoƙarin kaiwa madannin turawa. A ta farko za ka ji sunan kowane abu da aikinsa. A ta biyu, alamar kibiya da ta kwandon shara duk abu ɗaya waya take kiransu, "Button", ko ta ƙara da "Unlabelled". Ba a sa musu suna a ciki ba, abin da ake yi da `contentDescription` a Android ko `accessibilityLabel` a iOS. Makaho ba shi da hanyar sanin wanne ne turawa, wanne ne gogewa. Saurara kuma ko waya za ta faɗi sakamakon bayan an danna, domin saƙon da ya bayyana a allo cikin shiru daidai yake da babu.

Abin da zai raba maka gardama shi ne wace matsala waya take iya rufewa da kanta. Ƙaramin rubutu ana iya lallaɓa shi da Magnification ko Zoom, ko da yake jan allo hagu da dama yana gajiyarwa. Launi mai rauni ma High contrast text ko Increase Contrast kan rage shi, ba a ko'ina ba. Madanni marar suna kuwa, iyakar waya ta yi hasashe daga hotonsa, kuma ba a tura kuɗi da hasashe. Gyaran yana hannun masu manhajar.

Don haka mai dogaro da murya ya ɗauki ta farko ba tare da dogon tunani ba. Dattijon da yake gani amma yana buƙatar manyan haruffa ma ta farkon ce, sai a kunna masa ƙarin bambancin launi a duba ko tokar ta duhunta. Ta biyu sai ga wanda ƙananan haruffa ba sa damunsa, dusashewar launi ce kaɗai matsalarsa. Ka maimaita gwajin bayan kowane babban sabuntawa, don sabon zane yakan zo da madannan da aka manta ba a sa musu suna ba.