GARGAƊI: kar ku sayi "tsarin sebin da ba ya lalacewa" a wajen mutumin nan, naira 120,000 ya cinye min

Jama'a masu haɗa gem da Unity, dan Allah ku yi hattara. Akwai wani da ke yawo a guruf-guruf yana tallan fulogin na sebin, wai fayil ɗinsa ba ya lalacewa ko an ɗauke wuta ko waya ta mutu. Ƙarya yake yi wallahi. Naira 120,000 na tura masa, 70,000 kafin aiki, 50,000 ranar da ya turo min fayil ɗin, kuma abin da na saya layi ɗaya ne na kod wanda ko ɗan koyo na satin farko zai rubuta. Ba zan sa sunansa yanzu ba saboda an ce in bari a gama magana da banki, amma sikirinshot na hirarmu da rasit duk suna nan a ajiye, zan ɗora.

Kuma kafin wani ya zo yana ce min ai kai ma ka yi gaggawa, ban yi gaggawa ba. Na nemi ya nuna min, ya nuna min. Bidiyo ya kira ni, ya buɗe gem a laftof ɗinsa, ya tara zinare, ya danna `Alt+F4`, ya sake buɗewa zinare na nan. Ya maimaita, ya kashe ta Task Manager, zinare na nan. Ya kalli kyamara ya ce "oga ko batir ka cire ba abin da zai same shi, ni da kaina na tsaya maka." Har yanzu maganar nan tana min yawo a ka. Ko batir ka cire. Waye zai ga wannan da idonsa ya ce ƙarya ne?

Sai daga baya wani abokina da ya daɗe a harkar ya fahimtar da ni cewa gwajin nan bai gwada komai ba. Rubuta fayil ɗin 'yan kilobayit ƙiftawar ido ne, kafin yatsansa ya kai kan maɓalli an riga an gama rubutu tuntuni. Wato yana kashe gem ne a lokacin da babu abin da ake rubutawa. Kowane sebin a duniya zai tsallake wannan.

Wanda ya fara kawo ƙara ƙanen matata ne, yana cikin masu gwada min gem ɗin a waya. Ya kai mataki mai nisa, ya share gem ɗin daga jerin manhajojin da ke buɗe kamar yadda kowa ke yi, ya dawo da daddare ya tarar an mai da shi farko. Ya ce yaya gem ɗinka ya cinye min komai. A'a kafin shi ma akwai wani da ya yi min magana a laftof, wanda batirinsa ya mutu tuntuni sai da caji a jone, aka ɗauke wuta yana tsaka da wasa, to shi na ɗauka matsalar laftof ɗinsa ce. Ko ma wanne ya riga, a lokacin na riga na biya cikon 50,000 ɗin.

Na yi wa mutumin magana ya ce wayoyinsu ne masu arha. Na tura masa fayil ɗin da ya lalace ya ce akwai "babban bashon" mai kariya biyu, in ƙaro 40,000. Ka ji fa. 120,000 bai isa ba.

Abin da ya ba ni `.dll` ne a rufe, wai don kar a sace masa fasaha. Abokin nawa ya buɗe shi da ILSpy ina zaune a gefensa, ya yi shiru, sannan ya juyo min da allon ya ce mutumina ga 120,000 ɗinka:

```csharp
File.WriteAllText(path, data);
```

Shi ke nan. Sai Base64 da ya naɗe bayanan da shi yana kiransa kulle na sirri, alhali kowa zai iya warware shi cikin sakan ɗaya.

Ga abin da layin nan yake yi, don ku gane girman cutar. Yana buɗe fayil ɗinka na sebin ne ya share abin da ke ciki tukuna, girmansa ya koma sifili, sannan ya fara zuba sabon. Kamar mai shago ya yage shafin littafin bashi kafin ya kwafe shi a sabon shafi, in aka kira shi a tsakani to ba tsoho ba sabo. Tsakanin sharewa da gama rubutu tazarar kaɗan ce, amma in gem ya mutu a cikinta ka rasa duka biyun. Shi kuma gwanin namu ya sa ana sebin duk lokacin da ɗan wasa ya ɗauki zinare, ya kuma sa wani sebin ɗin a daidai lokacin fita, a wani zare na bayan fage da ba wanda yake jiransa ya gama. Gem na rufewa zaren ya mutu da rubutu a hannunsa. Wato ya zaɓi lokacin da ya fi kowanne haɗari ya ajiye rubutun a nan.

Mun tara fayilolin da suka lalace, iri uku muka gani kuma kowanne yana faɗa maka abin da ya faru. Wani 0 bayit, an share ba a kai ga rubutu ba. Wani ya tsaya cak a 8192 bayit alhali cikakken ya kusa kilobayit 40, da muka warware shi sai ga JSON ya yanke a tsakiyar kalma, babu `}` na ƙarshe, wannan an kashe gem ne ana cikin zubawa. Na mai laftof ɗin nan shi ya fi ba ni mamaki, girmansa daidai ne amma ka buɗe ba komai sai `00 00 00` har ƙasa. Wannan alamar ɗaukewar wuta ce. Gem ya gama nasa, amma Windows ya riƙe bayanan a mamori yana jiran ya sauke su kan dis, an riga an rubuta girman fayil ɗin, abin cikin bai sauka ba wuta ta tafi. Kashe gem kawai ba ya jawo wannan na ukun, don abin da ka riga ka miƙa wa tsarin yana nan a hannunsa, sai dai in na'urar gaba ɗaya ta mutu.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. A wajen lodin ya sa `try/catch`, in fayil ya ƙi karantuwa sai ya ƙirƙiri sabon wasa ya rubuta a kan tsohon, shiru ba saƙo ba komai. Fayilolin da muka samu ma daga waɗanda ba su sake buɗe gem ɗin ba ne bayan na roƙe su. Na ƙanen matata da ila za a iya ceto wani abu a ciki, fulogin ɗin da kansa ya binne shi. Shi ya sa gem ɗin bai taɓa nuna kuskure ba, shi ya sa ya iya kallona ya ce ba ya lalacewa. Ba ya nuna ya lalace dai.

Gyaran da abokina ya rubuta min kyauta, ko lemo bai sha ba:

```csharp
using (var fs = new FileStream(tmp, FileMode.Create)) {
    fs.Write(bytes, 0, bytes.Length);
    fs.Flush(true);
}
if (File.Exists(path)) File.Replace(tmp, path, bak);
else File.Move(tmp, path);
```

Ba ka taɓa fayil na ainihi sam. Kana rubuta sabon ne a gefe, misali `save.tmp`, in an kashe gem a nan to `save.tmp` ne ya lalace, `save.dat` yana nan lafiya lau. `Flush(true)` ɗin nan shi ne mai cewa tsarin ya sauke bayanan kan dis yanzu kafin a wuce, shi ne maganin fayil mai sifili zalla, kuma in ka cire `true` ɗin ka miƙa wa tsarin ne kawai bai sauka ba. Sai an gama duk wannan ake musanya suna, sabon ya hau kujerar tsohon, tsohon ya koma `save.bak`. Sauya suna aiki ne ƙarami ƙwarai, a Linux da Android `rename` tafi ɗaya yake, ko tsoho ka gani ko sabo, ba rabi. Amma dole `tmp` ya zauna a folda ɗaya da na ainihin, cikin `Application.persistentDataPath`, don in ka kai shi wani dis daban to ya zama kwafi, ka dawo gidan jiya. Kuma `if` ɗin nan ba ado ba ne, `File.Replace` yana jefa kuskure in fayil ɗin da za a maye bai wanzu ba, wato sebin na farko.

Ya ƙara min hatimi kuma. Ana lissafa SHA-256 na bayanan a ajiye shi tare da su, lokacin lodin a sake lissafawa. Bai yi daidai ba, ka koma `save.bak`. Shi ma bai yi ba, ka faɗa wa ɗan wasa gaskiya ka sauya wa fayil ɗin suna ka ajiye, kar ka rubuta komai a kansa. Akwai tarko ɗaya a nan da ya nuna min: in daga `.bak` ka loda, to ka kawar da lalataccen tukuna, in ba haka ba sebin na gaba zai tura lalataccen ya zama shi ne `.bak`, mai kyaun ya tafi. A waya kuma kar ka dogara da `OnApplicationQuit`, Android yana iya kashe gem ba tare da an kira shi ba. Ka yi sebin a ƙarshen mataki da kuma `OnApplicationPause`, ka jira rubutun ya ƙare. Wannan ba ya hana ka rasa 'yan mintocin ƙarshe na wasa fa, yana hana ka rasa komai da komai ne.

Duk wannan a fili yake kyauta, Android ma yana da `AtomicFile` da aka yi don wannan aikin. Ni kuma 120,000. Kuɗin da na ware wa mai zane ne wallahi. Yanzu ya toshe ni, amma an turo min ya sake ɗora tallan a wani guruf da sabon suna, hoto ɗaya, bidiyo ɗaya, har da maganar batir ɗin, farashi ya koma 150,000.

In ya zo muku kar ku biya kafin ku ga kod, `.dll` a rufe ku ce a'a. Gwajin ma ku za ku yi ba shi ba: ku sa gem ya riƙa sebin ba tsayawa, ku riƙa kashe shi da `taskkill /F /IM sunangem.exe` ko `adb shell am force-stop com.sunanka.gem` kuna buɗewa, nasa ba ya daɗewa yake zubewa. Wanda ya riga ya saya ya cire shi yau kafin ya saki gem. Sikirinshot da rasit ɗin 70,000 da na 50,000 suna zuwa da daddare in sha Allah, ina rufe lambar asusuna ne tukuna.