Bakin caji iri ɗaya, aiki daban: USB, OTG da fitar da hoto a wayar da za ka saya

Kusan duk sabuwar wayar da ka ɗauka yanzu da bakin USB-C take zuwa, wannan ɗan ramin da kebul ke shiga ta kowace fuska. Saboda kamanninsa ɗaya ne a kowace waya, masu saye da yawa suna ɗauka aikinsa ma ɗaya ne, alhali USB-C sunan siffar ramin ne kawai. Abin da ke gudana a cikinsa kamfani ne ke zaɓa, kuma a nan kamfanoni suka fi rage kashe kuɗi, don sun san da wuya mai saye ya tambaya. Ramin yana da ƙananan haƙora 24. Kamfani na iya haɗa na caji da guda biyun nan na tsohon tsarin USB 2.0, ya bar layukan gudu babu abin da aka jona musu. Daga waje ba za ka taɓa ganewa ba.

Mu fara da gudun tura fayil, tunda shi ne tushe. USB 2.0 ya fito tun shekarar 2000, iyakarsa 480 Mbps. Wannan lissafin bit ne, sai ka raba shi da takwas kafin ka sami bait, wato megabait 60 a daƙiƙa a rubuce. A aikace abin da ake gani bai cika wuce 30 zuwa 40 ba. USB 3.0 na 2008 ya kai 5 Gbps, wato 5,000 Mbps, wanda ya biyo bayansa kuma 10 Gbps. Sunayen ne suka rikita mutane, domin an yi ta sake musu suna. USB 3.0 da USB 3.1 Gen 1 da USB 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne, 5 Gbps. Wanda aka rubuta wa Gen 2 shi ne mai 10 Gbps. Don haka kada 3.2 ta burge ka fiye da 3.1, kalmar Gen da lambar da ke biye da ita za ka duba.

Ɗauki misalin mai ɗaukar bidiyo da waya, wadda ta gama aikin yini da fayiloli na gigabait 60. A bidiyon 4K mai hoto 60 a daƙiƙa, wanda ke cin kimanin megabait 400 kowane minti, wannan aikin awa biyu da rabi ne. Idan wayarta USB 2.0 ce tana tafiya a megabait 35 a daƙiƙa, kwashe su zuwa kwamfuta zai ci kusan rabin awa, wayar na jone, ba damar ɗaukar wani abu da ita. A wayar 5 Gbps, idan aka samu megabait 300 a daƙiƙa, minti uku da 'yan daƙiƙu ya isa. Ga mai yin wannan kullum, bambancin ya kai a canza zaɓin waya dominsa. Wanda kuwa hotunansa duk ta intanet suke tafiya, sai ya yi shekara bai jona waya da kwamfuta ba, shi kam USB 2.0 ba ta rage shi da komai ba, kuma ban ga dalilin ya ƙara kuɗi a kan abin da ba zai taɓa amfani da shi ba.

Wa ke da wanne? Ƙananan wayoyi da matsakaita, irin su yawancin Tecno, Infinix, Redmi da jerin Galaxy A kamar A54 da A55, USB 2.0 ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne tsada ma ba ta zama tabbaci ba. iPhone 15 da 15 Plus na 2023 sun koma USB-C amma suka tsaya a 480 Mbps, sai 15 Pro da Pro Max ne suka sami 10 Gbps, haka kuma aka maimaita a jerin 16. OnePlus 10 Pro tana da USB 3.1, OnePlus 11 da ta gaje ta ta koma USB 2.0, sannan OnePlus 12 ta dawo da 5 Gbps. Xiaomi 13 USB 2.0 ce, 14 kuma 5 Gbps. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya tsakani, abu ya canza. Dole ka duba takamaiman samfurin da ke hannunka. Saurin caji ma ba ya nuna komai a nan: waya na iya cika batir cikin rabin awa tana nan a USB 2.0.

Ko wayar ta cika sharaɗi, kebul na iya mayar da kai baya. Wanda ke zuwa cikin kwali galibi na caji ne mai wayoyin USB 2.0 kaɗai a ciki, har wanda Apple ke sakawa tare da 15 Pro. Sai ka sayi wanda aka rubuta wa 5 Gbps ko 10 Gbps, za ka ji ya fi kauri kuma yawanci bai cika tsawo ba. Bakin kwamfutar ma sai ya zama mai gudu, domin mafi rauni cikin ukun nan, waya da kebul da kwamfuta, shi ke yanke gudun. Idan kana tura babban bidiyo guda ɗaya ka ga gudun ya maƙale a wajen megabait 35 ko 40, to wani abu cikin ukun yana aiki da USB 2.0, kuma kebul ne ya kamata ka fara zargi. Idan kuwa dubban ƙananan hotuna ne suke ja da ƙyar, wannan halin MTP ne, hanyar da Android ke miƙa fayil ɗaya bayan ɗaya, sabon kebul ba zai gyara shi sosai ba. Kuma idan kwamfuta ba ta ga wayar ba sam, janyo sanarwar USB daga saman allo ka zaɓi File transfer, don wayar kan tsaya a kan caji kawai.

OTG ba shi da wahala. Ma'anarsa wayar ta zama ita ce mai masauki, ta ba filashi ko kibod ko makirufo wuta, ta karanta abin da ke ciki. Kusan duk wayar Android mai USB-C tana yi, har masu araha, iPhone masu USB-C ma suna karanta filashi ta manhajar Files. Bai buƙatar USB 3. Matsalolinsa uku ne. A wayoyin Oppo, Realme da OnePlus da wasunsu akwai makunnin OTG cikin Settings, kuma yakan kashe kansa bayan minti 10 ba a yi amfani da shi ba, mutum ya zaci filashinsa ya lalace. Sai wuta: waya ba ta ba da mai yawa, shi ya sa babbar ma'ajiya mai faifai a ciki za ka ji tana ƙyas-ƙyas tana ƙoƙarin tashi ta kasa, sai an haɗa ta ta akwatin rarraba USB mai nasa caja. Na uku tsarin filashin ne. FAT32 kowa na karanta shi amma ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, NTFS na Windows kuma wayoyi da yawa ba sa iya rubutu a kansa. exFAT ne ya fi zama lafiya da sababbin wayoyi.

Fitar da hoto zuwa talabijin ko majigi shi ne inda aka fi asarar kuɗi. Mutum ya sayi adafta ta USB-C zuwa HDMI, ya jona, wayar ta nuna tana caji, talabijin kuwa baƙi ƙirin da rubutun No signal. Ya canza adafta, ya canza kebul, abu bai sauya ba, saboda adaftar nan ba ta ƙirƙirar hoto. Wayar ce za ta turo shi ta hanyar da ake kira DisplayPort Alt Mode, a kan layukan gudun nan da na ce ana barinsu a banza. Idan ba a haɗa su a masana'anta ba, babu manhaja ko sabuntawar da za ta kawo su.

A Android, ƙa'idar da za ta fi yi maka aiki ita ce: waya mai USB 2.0 kusan kullum ba ta fitar da hoto. Amma mai USB 3 ma ba dole ba ne ta fitar. Pixel 7 tana da gudun USB 3 ba tare da hoto ba, sai a Pixel 8 Google ta buɗe shi da sabuntawar watan Yunin 2024. A iPhone kuma ƙa'idar ta karye ta ɗaya gefen: iPhone 15 da 16 waɗanda ba Pro ba suna tafiya a USB 2.0 amma suna fitar da hoto har 4K, yayin da 16e ta 2025 ba ta da DisplayPort ko kaɗan. Samsung ce ta fi daɗewa a tsaye kan wannan. Tun Galaxy S8 a 2017 jerin S ke zuwa da DeX, wanda ke mayar da allon talabijin kamar na kwamfuta, da tagogi da wurin amfani da kibod. Ga malami ko mai gabatar da bayani a taro, ni a ganina tsohuwar Galaxy S mai lafiya ta fi sabuwar Galaxy A amfani, ko da ta biyun ta fi ƙyalli.

Wanda ya riga ya sayi wayar da ba ta fitar da hoto yana da mafita biyu, kowacce da nata cikas. Tura hoto ta Wi-Fi, ta Chromecast ko Miracast, ya wadatar ga kallon bidiyo, sai dai akwai ɗan jinkiri da ke ɓata wasan gem. Akwai kuma adafta mai DisplayLink, wadda ke aiki ta OTG tare da manhajarta, tana matse hoton ta tura shi kamar fayil. Ta fi adafta ta yau da kullum tsada, kuma manhajojin fim masu kariya sukan nuna baƙin allo a kanta.

Kafin ka biya, buɗe shafin bayanan wayar na kamfanin da kansa ka nemi layin USB. Idan USB-C kawai aka rubuta babu lamba, ɗauka USB 2.0 ce, domin kamfanin da ya kashe kuɗi a kan 5 Gbps ba ya ɓoye shi. Nemi kalmar DisplayPort ko DeX ko video output daban, kar ka ɗauka gudu ya haɗa da ita. Idan kuma wayar hannu ce wadda aka yi amfani da ita, je da filashi mai bakin USB-C ɗauke da bidiyo na gigabait 2 da adaftar HDMI da ka tabbatar tana aiki. Kwafi bidiyon cikin wayar kana duba agogo: kusan minti ɗaya na nufin USB 2.0, daƙiƙa goma ko ƙasa na nufin USB 3, muddin filashin kansa mai gudu ne. Sannan juya bakin filashin ka sake gwadawa, domin ramin da ya sha wahala ko aka taɓa canza shi da na jabu yakan yi caji lafiya ta fuska biyu amma ya karanta fayil ko ya fitar da hoto ta fuska ɗaya kawai.