Ranar da kuɗi ya cika nisabi ko watan azumi: wanne ake bi wajen fitar da zakka?

Tambaya: "Malamai, kuɗina sun cika nisabi ran 10 ga Rajab, amma na ga kowa da azumi yake fitarwa. In bi ranata ko in jira Ramadan?"

Ɗan'uwa, ka bi ranarka. Shekarar zakka tana fara ƙirguwa ne daga ranar da dukiya ta kai nisabi, wato dinari 20 na zinariya (kimanin giram 85) ko dirhami 200 na azurfa (kimanin giram 595), kuma da watannin Musulunci ake ƙirgawa. Idan 10 ga Rajab 1445 ne, to ran 10 ga Rajab 1446 ta wajaba. Ranar sai ka zauna ka haɗa abin da ke hannu da na banki, ka fitar da ɗaya cikin arba'in. Mai miliyan 4 zai ba da dubu 100. Abin da ke hannunka a ranar shi ake dubawa, ba abin da ka fara da shi ba.

Daɗin wannan hanya shi ne babu saɓani a kanta, kowace mazhaba ka bi ka fita. Abin da take bukata kawai shi ne ka rubuta kwanan watan Hijira. Nan mutane ke faɗawa rami: sai mutum ya duba takardar banki ya riƙe kwanan watan Bature. 10 ga Rajab 1445 ta zo wajen 22 ga Janairu 2024, amma ta 1446 ta zo wajen 10 ga Janairu 2025. Wanda ya jira 22 ga wata ya riga ya makara. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, don haka duk shekara gibin yana ƙaruwa da kwana 11 ko kusa da haka, har a cikin shekara 33 mutum ya ci zakkar shekara guda cur bai sani ba. Shi ya sa ake ce wa kamfanonin da ba su da makawa sai lissafin Bature su fitar da kashi 2.577 cikin ɗari maimakon 2.5.

Ramadan kuwa, lada ake nema, ba a musa ba. Amma daga 10 ga Rajab zuwa farkon azumi kwana hamsin ne ko kusa, kuma duk kwanakin nan haƙƙin talaka ne kake riƙe da shi. Jinkiri bayan ta wajaba ba ya halatta sai da uzuri, kamar kuɗin ba sa kusa ko ana neman mai karɓa na ɗan lokaci. Ramadan ya fi dacewa da wanda ranarsa ke zuwa bayansa kaɗan. Mai 15 ga Shawwal zai iya bayarwa a goman ƙarshe, domin Malikiyya sun yarda a gabatar da zakkar kuɗi da kamar wata guda. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yarda da fiye da haka, hujjarsu izinin da Annabi (SAW) ya yi wa Abbas ya gaggauta tasa. Kai da ke Rajab, idan ka matsa sai azumi, to azumin da ya gabaci ranarka za ka bi, kusan wata goma kafin lokaci, kuma a Malikiyya wannan bai isar ba. Ko a wurin waɗanda suka yarda, sai ka sake lissafi ran 10 ga Rajab ka cika abin da ya ƙaru.

Abu biyu na iya motsa ranar taka. Idan kuɗin ajiya suka faɗi ƙasa da nisabi a tsakiyar shekara, mafi yawan malamai sun ce ƙirge ya yanke, sai ranar da suka sake cika. Hanafiyya farko da ƙarshe kawai suke dubawa, muddin dukiyar ba ta ƙare ƙaf ba. Na biyu, kuɗin da suka shigo daga baya. Ribar kasuwanci tana bin shekarar uwar kuɗi, ko da jiya aka same ta. Gado ko kyauta kuwa a Malikiyya sabuwar shekara ake buɗe musu daga ranar karɓa. Idan ranakun sun yi maka yawa, Hanafiyya suna haɗa komai a rana ɗaya, kuma wannan ya fi sauƙi ga mai albashi.

Ka yi hattara da masu sayar da zinariya idan za ka tambayi farashi. Wani zai faɗa maka kuɗin sarƙa har da ladan ƙira, nisabi ya hau, ka zaci ba ka kai ba alhali shekararka ta fara tafiya. Farashin giram na tsantsar zinariya za ka nema, daga bakin mutum biyu ko uku, ka ninka sau 85.